Abin da na koya kan LUT kafin in bar situdiyonmu

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin edita in kama gabana. Yaran da za su gaji kujerata sun ce in rubuta musu wani abu kan gyaran kala, ni kuma abu ɗaya nake so su riƙe: LUT mafarin aiki ce, kuma yawancin gyaran da hoto yake buƙata kafin ita ake yin sa. Wannan maganar ce ta haɗa ni da ogana, har ta ci mini kuɗin aiki guda.

Duk wanda ya taɓa buɗe hoton da aka ɗauka a tsarin kyamara da ake kira log ya san yadda yake zuwa, fari-fari kamar an ɗauka cikin hazon hunturu. Da gangan kyamara take matse haske da duhu a tsakiya don kada ta zubar da komai. Ita LUT jadawali ce kawai, a fayil mai ƙarewa da .cube: in lamba kaza ta shigo, lamba kaza za ta fita. Ba ta ganin fuskar amarya, ba ta san rana ta take ba. Wanda ya haɗa ta ya ɗauka cewa hoton da za a ba ta an auna haskensa daidai, an kuma daidaita farinsa. Kamar riga ce ɗinkin kasuwa, an yanke ta kan awon wani mutum da ba ka taɓa gani ba.

Aikin da ya jawo rigimar wani kamu ne da aka yi a tsakar gida da rana tsaka, a nan Kano. Mai ɗaukar hotonmu ya yi amfani da kyamarar Sony a log ɗinta mai suna S-Log3, ya kuma ƙara haske da kusan mataki biyu. Bai yi laifi ba, haka masu ɗauka da yawa suke yi don kada wuraren duhu su cika da yashi. Oga kuwa ya sayo tarin LUT a intanet, akwai wata da ya ƙwallafa rai a kanta mai sa inuwa shuɗi-kore, fata kuma ruwan lemo. Ya ce a shimfiɗa ta kan bidiyon gaba ɗaya daga farko har ƙarshe, a fitar a daren. Na ce, "Yallaɓai, hoton nan haskensa ya hau, a bari in sauke shi kafin a ɗora." Ya ce ba surutu yake biya na in yi ba.

Abin da ya fita babu daɗin gani. Farar shaddar 'yan'uwan ango ta zama farin fili, aikin wuyan da aka kashe kuɗi a kai ya ɓace ɗungurungum. Goshin amarya ya yi ruwan lemo, gefen fuskarta da ke inuwa ya yi kore. Masu biki suka dawo da aiki, kuma da gaskiyarsu. A gabansu oga ya ce yaron edita ne bai san aiki ba, sannan ya cire asarar daga kuɗina. Har yau abin yana mini ciwo, domin ya san abin da na faɗa masa.

Ga yadda na gyara shi a manhajar DaVinci Resolve. Farko na kashe LUT ɗin na duba Waveform na ainihin hoton, wato zanen da ke nuna matakan haskensa. Da kyamara ce ta ƙone shaddar, da na ga saman zanen ya miƙe kamar an yanke da reza, kuma babu mai dawo da wannan. Amma saman yana da tudu da kwari, wato aikin wuyan yana nan a fayil, LUT ce ta yanke shi. Kuma abin da LUT ta yanke, duk gyaran da ka yi a bayanta ba zai dawo da shi ba, sai dai farin filin ya koma toka-toka. Mutane da yawa a nan suke ɓata dare suna jan Highlights ƙasa a banza.

Sai na jera nod uku, wato akwatunan gyara da hoto yake bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Na tsakiya na ɗora masa LUT ɗin da Sony da kansu suka fitar don mayar da S-Log3 da S-Gamut3.Cine zuwa Rec.709, wato kalar da allon talabijin ke nunawa. Na bar ta a kunne, na koma nod na farko, ina gyara a can ina kallon abin da ke fitowa ta cikinta. A S-Log3, toka ta tsakiya, wato katin kashi 18, tana zama a 420 kan ma'aunin 0 zuwa 1023, kuma kowane matakin haske kusan 79 ne a wannan ma'aunin. Ƙarin mataki biyu ya kai ta wajen 578 ke nan, ita kuwa LUT tana jiran 420, shi ya sa duk abin da yake fari ya tsallake rufi. Na ja Offset ƙasa, domin a kan log shi ne yake sauke hoton gaba ɗaya kamar an rage haske a kyamara. Tun kafin in sauke mataki biyun duka, zaren aikin wuyan ya fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, har da sheƙin shaddar. A nod ɗin nan kuma na daidaita fari, ina duban Parade har ja da kore da shuɗi suka yi kai ɗaya a kan farar riga.

Nod na uku ƙaramin aiki ne: ɗan ƙarin Contrast, da rage jan leshin ƙawayen amarya da ya yi kururuwa. Na duba Vectorscope, ma'aunin kala, na ga fata ta kwanta kusa da layin kalar fata da ke cikinsa. A nan zan ce wa yara su kula, akwai LUT ɗin kwalliya da ake sayarwa waɗanda kan farar fata aka gwada su. Fatarmu ta fi zama ƙasa a ma'auni, wurin da irin waɗannan LUT suke zuba kore da shuɗi, shi ya sa gefen fuskar amarya ya lalace. Ba na kuma goyon bayan a ɗaga fuskar baƙar mace har ta koma kamar mai bilicin, ko da wani ya ce a "hasko ta".

LUT ɗin oga ban jefar da ita ba. Da na bincika sai na ga ma an yi ta ne don hoton da ya riga ya zama Rec.709, shi kuwa a kan log ya sa aka ɗora. Na sa ta a ƙarshe, na rage ƙarfinta da Key Output Gain zuwa wajen kashi ɗaya bisa uku, ta ba da ɗan armashi. Wannan ragin na LUT ɗin kwalliya ne kaɗai. In ka rage wadda take juya log, rabin hazon ne zai dawo maka.

Sauran darussan gajeru ne. Tambayi mai ɗauka wane log ya sa, domin tokar S-Log2 tana wajen kashi 32, ta S-Log3 kuma 41, LUT ɗin ɗaya ba ta zama kan ɗayan. Kyamara mai bit 8 irin A7 III ba ta jure ja da yawa, za ka ga sararin sama ya yi layi-layi. Fitilun zauren dina masu shuɗi da shunayya kuma, rage kalarsu tun a nod na farko. Hoton tsakar gida da na cikin ɗaki kowanne da nasa gyaran, ko da LUT ɗinsu ɗaya.

Masu bikin sun karɓi aikin da na sake, har suka turo mana wani bikin daga danginsu. Oga ya karɓi godiyar, kuɗin da ya cire mini kuwa bai dawo da su ba. Jerin nod ukun yana nan na ajiye muku a PowerGrade na kwamfutar ɗakin edita, ku dinga farawa daga na farko.