Jarrabawar da ake barin littafi a buɗe

Ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare da ke Aboabo, a Kumasi, kuma a kan darasin riba da faɗuwa na fi gane yadda ake tsara tambayar da buɗe littafi ba ya kashe ta. Gwajina ɗaya ne. In na rubuta tambaya, sai in ɗauki littafin ɗalibi in duba. Muddin akwai layin da zan ɗora yatsa in ce ga amsar nan, to na soke ta.

Sauya lambobi kawai ba ya wadatarwa. Idan misalin aji ya ce an sayi kaya sidi 500 an sayar 600, ni kuma na mayar da shi 800 da 960, yaro zai bi sawun misalin ya ci maki, bai yi tunanin komai ba.

Ga irin wadda nake bayarwa. Wata 'yar kasuwa a Kejetia ta sayi buhun albasa sidi 800, ta biya kuɗin mota da na dako sidi 50. Ta kasa shi kashi 40, shida suka ruɓe. Nawa za ta sayar da kowane kashi in tana son ribar ashirin bisa ɗari? Ƙa'idar tana cikin littafinsu, amma littafin bai faɗa musu wace lamba ce uwar kuɗi ba. Mai kwafi yakan ɗauki 800, ya samu 960, ya raba gida 40, ya rubuta 24. Wanda ya tsaya ya yi tunani zai ga uwar kuɗin 850 ce, abin da ake nema 1,020, kashin da ya rage kuma 34, saboda haka sidi 30.

Sai in ƙara da cewa: wani ya ba ta shawarar ta sayar a 24, me zai same ta? Sidi 816 za ta tashi da shi, wato ko uwar kuɗinta ba ta mayar ba. A nan nake zuba mafi yawan makin, domin sai ɗalibi ya nuna da bakinsa inda lissafin ya karkace.

Abin yana da iyaka. Da Turanci ake jarrabawar, yaranmu kuwa Hausa suke yi a gida. In labarin ya yi tsawo, Turancinsu na gwada ba lissafi ba, don haka jimlolin gajeru nake yi, tambayoyin ma kaɗan.

Tun a ɗakin jarrabawa nake gane ko tambaya ta yi. In ta kwafi ce, ƙarar buɗe shafi za ka yi ta ji har a tashi. In ta tunani ce, sukan leƙa ƙa'idar da farko, su ture littafin gefe, wasu ma har su fara gardama da ni a kan ko kuɗin dako yana cikin uwar kuɗi.