Albashina a cikin kwanon masara

Littafin cefanen gidanmu ba ni na fara shi ba. Maiɗakina ce ta sayi ɗan littafin rubutu a watan Janairun 2023, bayan mun sha musu a kan kuɗin awo. Ni ina ganin abin da nake bayarwa ya isa, ita kuma tana cewa, "Malam, ka je kasuwar da ƙafarka ka gani." Sai muka yi yarjejeniya, duk abin da aka saya a rubuta shi da kwanan wata. Ni malamin lissafi ne a wata makaranta a Kano, don haka ban daɗe ba na ƙwace littafin na mayar da shi abin nazarina.

Abu ɗaya na ƙara a ƙarshen kowane wata: in raba albashina da kuɗin kwanon masara. A watan farko albashina naira 60,000 ne, buhun masara kuma ina samunsa a kan 24,000. Buhu yana ɗaukar kwano arba'in, wato kwano ya kama naira 600, albashina kwano 100 ke nan cif. Zuwa watan Yunin 2024 buhun ya kai 80,000 a inda nake awo, kwano 2,000. Albashin yana nan yadda yake, ko sisi ba a taɓa ba, amma ya koma kwano 30. Ba wanda ya kira ni ofis ya ce an rage mini albashi, sai dai kwano saba'in sun ɓace daga cikinsa.

Da farko 'yan kasuwa na ɗora wa laifin, kamar yadda kowa yake yi a majalisa bayan sallar isha'i. Masu ɓoye abinci ne, marasa tsoron Allah. Baffana da yake noma a Tudun Wada shi ya fara kwance mini wannan tunanin. Na je gaishe shi ina ta ƙorafi, ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "To ɗana, zauna mu lissafa, tunda aikinka ne." Ya fara da taki. Masara ba ta yi sai ta ci taki, kuma kuɗin buhun taki ya kusa ninkawa a cikin damina biyu. Wasu sinadaran da ake haɗa takin da su daga waje ake shigo da su, da dala ake biya. Maganin feshin ciyawa haka. Mai tarakta ya ƙara kuɗi saboda gas, 'yan ƙwadago sun ƙara saboda su ma abinci suke saye, mai injin casa ya ƙara saboda fetur. Kafin buhu ya bar gona ya riga ya yi nauyi, sannan ga kuɗin mota zuwa kasuwar ƙauye, ga 'yan dako, ga la'adar dillali, ga wata motar zuwa Dawanau, ga abin da direba yake ajiyewa a hanya.

Da na dawo na duba littafin, sai na ga tsallen farashin ya bi sawun abubuwa biyu da kowa ya sani. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a cikin 'yan kwanaki. Makonni biyu bayan haka aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 a watan, zuwa Fabrairun 2024 kuma ta kai 1,500. Duk abin da yake hawa mota ko yake zuwa daga waje ya tashi, abinci kuwa ya haɗa duka biyun. Faɗuwar nairar ta zo da wani abu da ban taɓa kawowa a rai ba: mai sefa daga Maraɗi ko Damagaram, in ya canza kuɗinsa, hatsinmu ya zame masa araha. Ashe a bakin buhun nan ba da maƙwabcina kawai nake takara ba, har da shi, har da masu kamfanonin abincin kaji da suke kwasar masara tirela-tirela.

Akwai kuma wanda ba a gani da ido, wato yawan kuɗin kansa. Shekara da shekaru gwamnati tana cin bashi kai tsaye daga Babban Bankin Najeriya don cike giɓin kasafi, har ya kai naira tiriliyan 22.7 da Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashin dogon zango a watan Mayun 2023. Irin wannan kuɗi sabo ne, ba daga aljihun wani aka karɓo shi ba. Ya shigo kasuwa, amma buhunan da ke kasuwar ba su ƙaru ba, sai ma raguwa, tunda a Zamfara da sassan Katsina da Birnin Gwari manoma da yawa sun bar gonakinsu saboda 'yan bindiga. Kuɗi sun yi yawa, hatsi ya yi kaɗan.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne dalilin da ya sa abinci ya tsere wa sauran kaya. Mai gidan da nake haya bai ƙara mini kuɗi ba sai da shekara ta zagayo. Tela ya ƙara, amma sai na fasa ɗinkin. Takalmi ma na kai wa mai gyara. Tuwon dare kuwa ba a ɗaga shi zuwa wata mai zuwa. In hatsi ya ragu a kasuwa da kashi goma cikin ɗari, ba wanda zai ce da kansa bari in rage cin abinci da kashi goma. Kowa zai nemi kwanonsa cikakke, farashi kuma zai yi ta hawa har sai ya kai inda wasu suka gaza, suka koma cin sau biyu a rana. Shi ya sa ƙaramin giɓi a noma yake haifar da babban tsalle a kasuwa. Kuma ba a gyara giɓin da wuri. Mai gidan burodi yana iya ƙara kwaɓi gobe, amma manomin damina, ko buhu ya kai nawa a watan Yuni, ba shi da sabuwar masara sai Oktoba.

Albashi kuma tafiyar hawainiya yake yi. Farashin masara ana sake yanka shi duk ranar kasuwa, wani lokaci tsakanin safe da la'asar, dillali ya ɗaga waya ya ji yadda ta kaya a wata kasuwar ya sake baki. Mafi ƙarancin albashi an tsayar da shi a kan naira 30,000 a 2019, bai motsa ba sai Yulin 2024 da ya koma 70,000, bayan zama da yajin aiki da ja-in-ja. A watan da ya gabaci wannan ƙarin, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34 cikin ɗari, ta abinci kuma kusan kashi 41, a shekara ɗaya tak. Ƙarin albashi kullum biyan tsadar jiya yake yi. Ni ma da aka mayar da nawa 100,000 a ƙarshen 2024, buhu yana 60,000 da kaka, na buga lissafi na samu kwano 66. An ƙara mini kuɗi sosai, ban kai inda nake a farkon 2023 ba. Kuma ba ni da bakin yin barazanar ajiye aiki, don na san masu takardu irin tawa nawa ne suke jiran kujerar.

Zafin kuma ba iri ɗaya yake kama kowa ba. A cikin 60,000 ɗina, 36,000 abinci yake ci. Da abinci ya ninka, sai ya zama 72,000, ya wuce albashin gaba ɗaya. Wanda abinci yake cin kashi ɗaya bisa biyar na samunsa, ninkawar za ta taɓa shi, amma ba za ta hana shi barci ba. A littafinmu ana ganin yadda abin ya bi layi: nama ya fara ɓacewa, sai ƙwai, sai shinkafa ta koma ta ranar Juma'a.

To da na ga na fahimci abin, sai na ce bari in yi dabara. Da kakar 2023 na ɗauki kuɗin adashe na sayi buhu uku a kan 38,000 kowanne. Na shanya ta sosai har ƙwaya tana ƙaras a haƙori, na zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, na ɗaure kowace leda daban, na ɗora a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa. Ba ƙwaro ko ɗaya. Lokacin da mutane suke sayen buhu 80,000, mu muna cin ta 38,000. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani a gidanmu, kuma har yau ina yin ta.

Kuskuren ya zo da kakar 2024. Nasara ta sa kaina ya kumbura, na ranci kuɗi a wurin wani abokina na sayi buhu goma a kan 60,000, da kuɗin mota da buhunan ajiya kowanne ya tsaya mini 62,000. Wannan karon ba don ci ba, don in sayar da bazara. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, ba kai ne kake zagin masu ɓoye abinci ba?" Na ce mata wannan ajiya ce, ba ɓoyo ba. Ta yi dariya ta wuce kicin.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne abubuwan da suka tura farashin sama sun fara sassautawa. Tsadar bara ta sa manoma da yawa sun shuka masara. Gwamnati ta sanar a Yulin 2024 cewa ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Naira ta daina faɗuwar da take yi, Babban Banki kuma ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5, rance ya yi tsada. Ga shi irina masu ajiya sun yi yawa, kowa yana jiran bazara ɗaya. Alamar ta fito tun Fabrairu, lokacin da farashi ya saba fara hawa amma ya ƙi, na ƙi gani. Na yi ta jira har damina ta faɗi, mai bashi ya fara gaishe ni da yawa, na sayar a kan 42,000. Asarar 200,000, albashin wata biyu.

Baffa ya fi ni shan wuya. Hatsi ya sauko, taki bai sauko ba, sai da ya sayar da masara fiye da buhu ɗaya kafin ya sayi buhun taki ɗaya. Da na je masa jaje, shi ma ya yi mini nawa, sannan ya ce bana rabin gonar waken suya zai shuka, tunda shi ba ya cin taki kamar masara. Na tambaye shi ko maƙwabtansa ma haka za su yi. Ya ce kusan dukansu. A mota ina dawowa na ciro littafin, na rubuta a shafin baya cewa da kaka mai zuwa in sayi buhu huɗu maimakon uku, na ci kawai.