Inda na tsaya a karatun fandin: wa ke biyan wa, kuma me hakan ke nunawa

Jama'a barkanmu da war haka. Kwanakin nan na ajiye zana layuka a kan cat na koma kan ɗan ƙaramin lambar nan da ke saman allo in ka buɗe BTCUSDT Perpetual, wato fiyucar bitkoyin mara wa'adi a kasuwar kirifto, wadda aka rubuta Funding / Countdown a kanta, yawancinmu wucewa muke ba ma ko kallonta. Ban sa ko sisi a ciki ba tukuna, littafi ne da biro, ina rubuta lambar da farashi ina gwadawa, maganar halacci ko haramcin fiyuca kuma wannan ta malamai ce kowa ya je ya tambayi nasa. Ga dai abin da ya zauna min a kai zuwa yanzu.

Fiyuca, wato kwantiragin ciniki a kan farashin koyin ba tare da riƙe koyin ɗin ba, irin ta da tana da ranar ƙarewa, in ranar ta zo dole farashinta ya haɗu da na kasuwar sifot, wato inda ake sayen koyin ɗin na gaske. Ita wannan mara wa'adin, wadda BitMEX ta fito da ita a 2016, ba ta da ranar ƙarewa, to me zai hana farashinta ya yi ta tafiya abinsa ya bar sifot a baya? Fandin ne. In farashin kwantiragin ya hau sama da na sifot, masu lon, wato waɗanda suka saya suna sa ran farashi zai hau, su ne za su biya masu shot, wato waɗanda suka sayar suna cin riba in ya sauka, in ya faɗi ƙasa da shi sosai masu shot ne za su biya masu lon. Kuɗin ba aljihun kamfanin yake shiga ba, tsakanin 'yan tiredin ne. A Binance da Bybit, ga bitkoyin, duk awa 8 ake yi, agogon Najeriya da Nijar ƙarfe 1 na dare, 9 na safe, 5 na yamma. Wanda posishan ɗinsa ke buɗe daidai wannan lokacin shi ne zai biya ko ya karɓa, wanda ya rufe kafin nan babu ruwansa.

Yanzu abin da nake so mu kama da kyau, don na ga ana yawan faɗinsa a karkace. Za ka ji an ce "fandin ya hau, masu lon sun fi masu shot yawa". In kuɗin da ke cikin kwantiragi ake nufi, wannan ba ya yiwuwa. Duk dala ɗaya ta lon akwai dala ɗaya ta shot da ta karɓe ta, in babu mai sayarwa ai babu saye. Kullum daidai suke. Abin da fandin ke nunawa shi ne wane ɓangare ne ya matsu har ya yarda ya biya kuɗi don a bar shi ya zauna. Kamar tasha ce ana gobe sallah, duk fasinjan da ya tafi ai kujera ya samu, yawan masu tafiya da yawan kujeru ɗaya ne, amma kuɗin mota da ya ninka shi zai gaya maka waye ke roƙon wani. Idan masu lon suna ta danna saye da lebarej, wato suna buɗe ciniki da ya ninka kuɗin da ke hannunsu, suna tura farashin kwantiragi sama da sifot, waɗanda ke karɓar ɗaya gefen galibi ba wai sun yi imani kasuwa za ta faɗi ba ne, manyan 'yan kasuwa ne da suka sayi bitkoyin a sifot suka yi shot ɗin daidai adadinsa a fiyuca, hawa da sauka bai dame su ba, fandin kawai suke kwasa. To ka ga gefe ɗaya mutane ne masu bashi a kai da za a iya kora, wato a rufe musu posishan da ƙarfi in kuɗinsu ya kasa, ɗaya gefen kuma mutane ne da ke zaune daram. Cunkoson kenan.

Lissafin da Binance ke amfani da shi ga BTCUSDT ga shi:

```
F = P + clamp(I - P, -0.05%, +0.05%)
I = 0.01%
```

F shi ne fandin, I kuɗin ruwa ne tsayayye, P kuma shi ne matsakaicin ratar da ke tsakanin kwantiragi da sifot a cikin awannin, shi kuma clamp aikinsa ya hana abin da ke ciki wuce 0.05% sama ko ƙasa. Ku ɗauki biro ku gwada. In P ya zama 0.03%, I - P zai ba da -0.02%, ka haɗa, F ya dawo 0.01%. In P ya zama -0.02% ma 0.01% ɗin za ka samu. Wato duk ratar da ke tsakanin -0.04% da 0.06% amsarta ɗaya ce, 0.01%. Shi ya sa za ka ga lambar ta maƙale a 0.0100% kwana da kwanaki kamar allon ya lalace. Don haka ganin fandin a sama da sifili kaɗai ba ya nufin masu lon sun cika kasuwa, 0.01% shi ne zaman lafiya. Abin da ya fi ba ni sha'awa ma shi ne ɗaya gefen, kafin F ya sauko sifili sai P ya kai -0.05%, ma'ana ranar da ka ga fandin 0.000% kwantiragin ya riga ya nutse ƙasa da sifot, masu shot sun fara danna kasuwa tun lambar ba ta nuna alamar debewa ba.

Sai maganar nauyin kuɗin. Mu ce mutum ya sa majin, wato kuɗin jinginarsa, na dala 500, ya ɗauki lebarej ninki 10, posishan ɗinsa ya zama dala 5,000. Fandin a kan 5,000 ɗin ake lissafa shi, ba a kan 500 ba, nan ne mutane ke shan mamaki. A 0.01% zai biya santi 50 duk zagaye, dala ɗaya da rabi a rana, ba wani abu ba ne. Amma in kasuwa ta yi zafi P ya kai 0.15%, clamp zai cire 0.05% kawai, F ya zama 0.10%. Yanzu dala 5 yake biya duk awa 8, dala 15 a rana, a sati dala 105, sama da kashi 20 cikin ɗari na majin ɗinsa ya tafi ko da farashi bai motsa ba sam. Kuma yayin da majin ke zaizayewa farashin da za a kore shi a kai yana ƙara matsowa kusa. Wannan mutumin ba zai iya haƙuri ba, dole kasuwa ta ci gaba da hawa da sauri ko ya fita. In dubban irinsa suka taru, ɗan faɗuwa kaɗan ya isa a fara rufe musu da ƙarfi, rufe lon kuma sayarwa ne, sayarwar ta ƙara tura farashi ƙasa ta taɓa na gaba, haka haka har abin ya zama ambaliya.

An ga wannan a Afrilun 2021. Bitkoyin ya kai wajen dala 64,000 ranar 14 ga wata, ranar da Coinbase ta shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq, fandin yana sama sosai a manyan kasuwanni, ranar 18 ga wata farashi ya rufto aka share posishan na biliyoyin daloli cikin kwana guda, mafi yawansu lon. Sai kuma juyinsa bayan 'yan watanni, a Yuni da Yuli farashi na yawo kusa da dala 30,000, fandin na yawan shiga ƙasa da sifili, kowa ya gaji ya koma shot, ranar 26 ga Yuli aka matse su, har kwantiragin Binance ya yi tsalle zuwa 48,000 na ɗan lokaci alhali sifot bai wuce wajen 40,000 ba. Wannan ratar ta dubban daloli masu shot ne ake tilasta wa saye ko nawa ne.

Amma kar wani ya karanta wannan ya ce shikenan, fandin ya hau sai in yi shot. A'a wallahi. A farkon 2021 ɗin nan an sha ganin fandin a sama farashi kuma na ci gaba da hawa makonni, wanda ya yi shot da wuri ya karɓi 'yan santocinsa na fandin amma hawan farashi ya cinye shi tun kafin ranar ruftawar ta zo. Lambar tana gaya maka akwai mutane da yawa da za a iya kora a gefe ɗaya, ba ta gaya maka yaushe ba.

Shi ya sa a littafina yanzu ba na rubuta fandin shi kaɗai, ina haɗa shi da Open Interest, wato jimillar kwantiragin da ke buɗe, da kuma inda farashi ya nufa. Yanayin da na fi sa wa ido shi ne fandin na hawa, Open Interest na kumbura, amma farashi ya tsaya cak ya kasa yin sabon sama, wannan yana nufin ana ta zuba bashi amma wani na sayar musu a sifot, kuma kuɗin zama na cin su. In kuwa farashi na hawa fandin na zaune a 0.01%, to masu kuɗi a hannu ne ke saye, wannan hawan ya fi ƙwari a ganina. In ka ga Open Interest ya zube lokaci guda fandin ya dawo ƙasa, an riga an yi sharar, ka makara. Ƙaramar shawara, ku duba Open Interest da adadin koyin ba da dala ba, don in farashi ya hau lambar dala za ta hau ko ba a buɗe sabon kwantiragi ko ɗaya ba.

Akwai kuma lokacin da lambar ke yaudara gaba ɗaya. Gab da Merge, wato babban sauyin tsarin da aka yi wa Ethereum ranar 15 ga Satumban 2022, fandin ɗin koyin ɗinsa ETH ya nutse ƙasa da sifili ƙwarai, in ka kalla da ido za ka ce duniya ta yanke ƙauna da shi. Alhali mutane ne suka riƙe ETH a sifot don su samu koyin ɗin ETHW kyauta da za a raba wa masu riƙe da shi, suka yi shot a fiyuca don kare kansu daga faɗuwar farashi. Irin wannan shot ɗin yana da kaya a bayansa, ba a matse shi kamar na mai caca, kuma da Merge ya wuce suka rufe, fandin ya koma daidai. Don haka in na ga lamba ta fita daga hankali, tambayar farko ita ce akwai wani rabo ko wani abu da ke tafe da zai sa mutane yin shot don kariya kawai?

Abu biyu na ƙarshe masu rikita lissafi. Ba kowace kasuwa ke awa 8 ba, Hyperliquid duk awa take yi, wasu ƙananan koyin a Binance awa 4 ne, to 0.01% na awa ɗaya ya ninka na awa 8 sau takwas. Ni mayar da komai nake zuwa na shekara kafin in gwada, 0.01% sau 3 sau 365 ya ba da 10.95%, shi kuma 0.10% ya ba da 109.5%. Na biyu, lambar da ke saman allo kusa da agogon hasashe ce tana canzawa har lokacin ya cika, wadda aka biya ta gaske tana cikin Funding Rate History, ita nake kwafa. Aikina na gaba shi ne in jera tarihin fandin na ƙaramin koyin guda ɗaya gefe da na bitkoyin na wata uku, don ƙananan nan kasuwarsu ba zurfi, mutum ɗaya mai kuɗi zai iya karkatar da lambar, ina so in ga ko karatun da na yi a sama zai tsaya a can.