Minti talatin ɗin da na raina

Lokacin da aka damƙa mini kula da tankin ruwan wata makarantar kwana a nan Zariya, gani nake awon kilorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, shi ne komai. Awon kuwa na iya shi. Giram 15 na garin kilorin mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari ake kaɗawa a lita ɗaya ta ruwa, a bari farin ya kwanta, a tsiyaye na sama. Tankin lita 1,000 ne, gwajin da muka yi a bokitai ya nuna ruwan rijiyar yana son miligiram 2 a kowace lita. Mililita 200 ke nan na haɗin.

Wata safiya cikin hunturu yara sun yi layi da bokitai, ana ta hayaniya. Na hau na juye haɗin, na sauko na buɗe famfo. Wani dattijo da ya daɗe a aikin ya riƙe mini hannu, ya ce, "Ɗana, ka zuba magani, amma ka bar shi ya yi aiki?"

Ya tari ruwa, ya jefa ƙwayar gwaji da ke rina ruwa ja in akwai kilorin a ciki, ruwan ko gezau, fari tas. Ya ɗebo na saman tankin, nan take ya yi ja. Ashe maganin yana can sama bai ko gauraya ba, abin da yaran za su sha ruwan rijiya ne tsura.

Ranar na gane kilorin ba ya kisa da taɓawa ɗaya. Wani kaso nasa ƙazantar ruwan ke fara cinyewa, ragowar ce ke bin ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifot, ita kuma sai da lokaci. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa biyun: bayan aƙalla minti 30, a sami ragowar da ba ta gaza rabin miligiram a lita ba. Ƙidayar tana farawa ne bayan an gauraya, da sharaɗin ba a ƙara sabon ruwa ba. Sanyi yana rage masa hanzari, don haka da hunturu awa guda muke ba shi. In ruwan ya gurɓace da laka kuwa, sai ya kwanta an tace tukuna, domin ƙwayoyin suna fakewa cikin laka.

Na taɓa raya wa raina in ninka awon don in rage jira. Gajeriyar hanya ce marar ɓullewa: ruwa ya yi warin bilic, yara su ƙi sha, su koma wa 'yan ga-ruwa.

Yanzu da daddare nake zubawa, tanki yana rabi, sauran ruwan da ke shigowa ya kaɗa shi. In ya cika in sa wa famfon kwaɗo, makullin yana aljihuna har sai na gwada da asuba.