Katin da ke bayan kati

Ina wata na huɗu a ɗakin ajiyar fayilolin filaye wata yarinya ta shigo, 'yar wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Mahaifinta ya rasu, an zo rabon gado, aka buɗe adakarsa aka tarar gara ta cinye takardun. Ga maƙwabci ya fara cewa rabin filin nasa ne. Abin da ta riƙe kawai sunan kakanta Muhammadu, wanda aka fara ba filin, da sunan unguwar.

Na jawo durowar katunan sunaye. Kowane kati yana ɗauke da sunan mai fili, da lambar fuloti, da lambar fayil. Na bi Muhammadu ɗaya bayan ɗaya har la'asar, babu. Na ce mata ta yi haƙuri.

Washegari ta dawo, ta wuce wajen dattijon da ya fi kowa daɗewa a ɗakin.

"Baba, wa ya rubuta katunan nan?"

"Akawunan da, 'yata. Yadda kunnensu ya ji suna, haka suke rubutawa."

Nan na gane inda na kauce. Yawancin akawunan zamanin Turawa ba Hausawa ba ne, sai Muhammadu ya koma Momodu ko Mamman, Alhassan ya koma Alasan. Mai neman suna da rubutun yau zai wuce katin yana kallonsa. Baba ya ce mu bar suna, mu koma durowar da aka jera bisa unguwa da lambar fuloti, tunda fili ba ya tashi daga inda yake. Ita ce ta tuna gidan yana na uku daga masallaci, muka ƙirga a taswirar unguwar, lambar ta fito. Katin ya ce Momodu.

Sai dai da muka je kantar fayiloli, babu fayil mai wannan lamba. Yarinyar ta ɗaga katin ta leƙa bayansa, sai ga wani ƙarami maƙale da tsatsar allura, an rubuta da jan biro a duba wata lamba. Bayan an raba Jihar Arewa a 1967 fayilolinmu sun baro Kaduna, aka sake musu lamba, wannan ɗan katin ne kaɗai ya haɗa tsohuwa da sabuwa. Da wani ya taɓa cire shi don ya ga ya tsufa, da shi ke nan.

Fayil ɗin na can ƙasa, igiyarsa ta ruɓe. A ciki akwai kwafin ofis na takardar mallaka da zanen safiyo mai nuna tsawon kowane ɓangare. Baba ya faɗa mata cewa kati ba hujja ba ne a gaban alƙali, hanya kawai yake nunawa, kuma fayil ba ya fita daga ɗakin. Ta rubuta takardar neman kwafi mai hatimi da sa hannu, ta biya kuɗinsa. Kafin ta tafi na rubuta sabon kati da sunan Muhammadu, a ƙasa na sa "duba Momodu", na saka shi a durowar sunaye.