Motar ƙarshe ce ke buɗe zauren jarrabawa: yadda na tsara rabon kaya da agogo maimakon kuɗi

Aikin da aka ba ni shi ne raba kwali 120 na takardun jarrabawa daga ma'ajiya uku zuwa cibiyoyi huɗu, da sharaɗin ba a buɗe kwali ko ɗaya sai kowace cibiya ta karɓi nata. Da wannan sharaɗi, motar da ta isa cikin minti 25 ba ta amfana wa kowa komai ba muddin wata tana kan hanya. Abin da ake son ragewa shi ne lokacin tafiya mafi tsawo a cikin duk hanyoyin da aka ɗora wa kaya. Lissafin jigila da aka saba koyarwa, wanda Hitchcock ya tsara a 1941, jimillar kuɗi yake ragewa. Wannan na lokaci ɗan'uwansa ne, Hammer ya yi aiki a kansa a 1969, Garfinkel da Rao kuma a 1971, amma halinsa daban ne ƙwarai.

Ma'ajiya A tana da kwali 30, B tana da 50, C tana da 40. Cibiya ta 1 tana buƙatar 20, ta 2 tana buƙatar 30, ta 3 tana buƙatar 45, ta 4 kuma 25. Ga mintocin tafiya daga kowace ma'ajiya zuwa cibiya ta 1, 2, 3 da 4 a jere:

A: 25, 90, 150, 75
B: 110, 50, 65, 170
C: 130, 80, 60, 140

Kuskuren farko da na yi shi ne wanda kusan kowa ke yi: na ɗauki mintocin nan tamkar farashi, na ninka kowanne da yawan kwalin da zai bi hanyar, na sa kwamfuta ta nemo jimilla mafi ƙanƙanta. Ta ba ni tsari mai kyaun gani. A ta kai 20 cibiya ta 1 da 10 cibiya ta 4, B ta kai 30 cibiya ta 2 da 20 cibiya ta 3, C ta kai 25 cibiya ta 3 da 15 cibiya ta 4. Jimilla 7,650, kuma babu tsarin da ya fi wannan ƙanƙantar jimilla. Sai dai akwai kwali 15 a kan hanyar C zuwa ta 4, mai minti 140. Lissafin jimilla bai damu da wannan ba, domin ribar da ya samu a gajeriyar hanyar minti 25 ta rufe masa asarar doguwar. Agogon ɗalibai kuwa ba ya karɓar irin wannan rance.

Hanyar da ta yi aiki ita ce a juya tambayar. A daina cewa "wane tsari ya fi sauri", a ce "in na rufe duk hanyar da ta wuce minti kaza, kayan za su rabu da abin da ya rage?" Wannan tambaya ce ta e ko a'a. Kuma amsar ƙarshe dole ta kasance ɗaya daga cikin lambobi 12 da ke cikin jadawalin, ba za ta taɓa zama 97 ko 103 ba, tunda lokacin ƙarshe lokacin wata hanya ce takamaimiya. Saboda haka gwajin ba shi da yawa.

Ba sai an fara daga 25 ba. Kowace cibiya dole wani ya kai mata, don haka na duba hanya mafi kusa ga kowacce: 25, 50, 60 da 75. Mafi girma a ciki 75 ne, babu dabarar da za ta kawo amsa ƙasa da haka. Ta sama kuma ina da 140 daga tsarin farko. Amsar tana tsakani.

Da na sa iyaka a 75, hanyoyi biyar suka rage a buɗe: A zuwa ta 1 da ta 4, B zuwa ta 2 da ta 3, C zuwa ta 3. In ka duba cibiyoyin ɗaya bayan ɗaya, za ka rantse komai lafiya. Ta 1 tana son 20, A tana da 30. Ta 4 tana son 25, A tana da 30. Sai ka haɗa su biyun za ka ga inda gizo ke saƙar: buƙatarsu 45 ce, kuma ma'ajiya ɗaya tilo ke isa gare su, mai kwali 30. Giɓin 15 ke nan. Kwali 105 kawai za su iya motsawa cikin 120. Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a duk aikin, domin rashin yiwuwar tsari kullum irin wannan siffar yake ɗauka: wasu cibiyoyi a haɗe suna buƙatar fiye da abin da ke hannun duk ma'ajiyoyin da ke iya kai musu.

Gano wannan rukuni yana rage wahala. Ba sai na gwada 80 da 90 ba, domin hanyar minti 80 da ta minti 90 duk cibiya ta 2 suke zuwa, ba su taɓa giɓin ba. Abin da ake buƙata shi ne wata ma'ajiya, ban da A, ta shiga ta 1 ko ta 4. Hanyoyin da za su yi hakan huɗu ne: 110, 130, 140 da 170. Mafi ƙanƙanta 110, can na tsallaka kai tsaye.

A iyakar 110 rabon ya kusa yin kansa. Cibiya ta 4 har yanzu A kaɗai ke isa gare ta, don haka 25 sun tafi can. Ragowar 5 na A suka tafi ta 1, B ta cika mata 15. B ta rage da 35: 30 zuwa ta 2, 5 zuwa ta 3. C ta kai 40 ɗinta duka ta 3. Kowa ya samu nasa, motar ƙarshe ta isa a minti 110. Tunda an riga an nuna ƙasa da 110 ba zai yiwu ba, wannan ita ce amsa, ba kintace ba. Jimillar ta tashi daga 7,650 zuwa 7,875, ƙarin da bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, a madadin rabin awa.

Akwai tarko a nan da ban gani ba sai da na faɗa ciki. Tsare-tsare da yawa suna da lokacin ƙarshe iri ɗaya, kuma manhajar da aka ce wa ta nemo kowane tsari mai yiwuwa za ta tsaya a kan wanda ta fara tararwa. Na taɓa samun wannan: A ta kai 25 ta 4 da 5 ta 2, B ta kai 20 ta 1 da 30 ta 3, C ta kai 25 ta 2 da 15 ta 3. Shi ma 110 ne, amma jimillarsa 9,375, kuma kwali 20 ya ɗora wa hanyar da ta fi haɗarin makara maimakon 15. Maganin shi ne mataki na biyu: bayan an san iyakar, a bar dogayen hanyoyin a rufe, a rage jimillar kuɗi ko lokaci a cikin waɗanda suka rage. Da Python ana haɗa matakan biyu wuri guda, inda `t` shi ne jadawalin mintoci a matsayin `numpy` array, `A` da `b` kuma sharuɗɗan abin da ke ma'ajiya da abin da cibiyoyi ke buƙata:

```python
from scipy.optimize import linprog

for T in sorted(set(t.ravel())):
    iyaka = [(0, None) if k <= T else (0, 0) for k in t.ravel()]
    r = linprog(t.ravel(), A_eq=A, b_eq=b, bounds=iyaka)
    if r.status == 0:
        break
```

Iyakar farko da ta ba da `status` 0, wato alamar an samu tsari mai yiwuwa, ita ce amsa. In jadawalin babba ne, a riƙa gwada lambar tsakiya ana zubar da rabi, domin abin da ya yiwu a 110 zai yiwu a duk abin da ya fi shi. A Excel kuma ina amfani da `=MAXIFS(B2:E4,B8:E10,">0")`, mintoci a B2:E4, yawan kwali a B8:E10, don duba lokacin ƙarshe na kowane tsari, amma ba na sa shi a matsayin abin da Solver, mai nemo tsari mafi kyau a Excel, zai rage. Wannan ƙima ba ta sauka a hankali: ko an rage kayan doguwar hanya daga 15 zuwa 1, tana nan a 140, sai an kwashe na ƙarshen take faɗuwa. Zaɓin Simplex LP na Solver ba ya karɓar irinta. A kula kuma da ƙurar lissafi, wato akwatin da ya kamata ya zama sifili amma kwamfuta ta bar 0.0000001 a ciki. `MAXIFS` zai ƙidaya shi a matsayin mota a kan hanya, gara a rubuta `">0.5"` tunda kwali ba ya rabuwa biyu.

Wanda ya saba da lissafin kuɗi ya san cewa in an ƙara ko an cire adadi iri ɗaya daga duk layin wata ma'ajiya, tsarin da ya fi araha ba ya canzawa. A nan wannan ƙa'ida ba ta aiki sam, kuma hakan yana da amfani. In mai riƙe da makullin B ba zai buɗe ba sai bayan sauran da minti 20, ana ƙara 20 a duk layin B. Hanyar 110 ta koma 130, ta yi kunnen doki da ta C zuwa ta 1, amsar duka ta koma 130. Makarar minti 20 a C kuwa ba ta canza komai, domin 60 ne zai koma 80. Lokacin lodi da sa hannun karɓa duk haka ake shigar da su, kafin a fara lissafi.

Inda tsarin ya fi saurin cin amana shi ne yawan motoci. Lissafin ya ɗauka kowace hanya tana da abin hawanta, duk sun tashi tare, kuma yawan kaya ba ya ƙara lokaci. Tsarina yana da hanyoyi shida: biyu daga A, uku daga B, ɗaya daga C. In A mota ɗaya gare ta, ta je ta 1 ta dawo sannan ta nufi ta 4, wannan 25 da 25 da 75 ne, minti 125, ya riga ya karya 110 da ke kan takarda. Don haka kafin in miƙa tsari nakan ƙirga akwatunan da ba sifili ba a kowane layi in kwatanta da motocin da ke ƙasa. Kwali 5 ba su buƙatar babbar mota, ƙaramin abin hawa ya ishe su, amma dole a tanade shi tun jiya.

Da aka tambaye ni yadda za a sauko ƙasa da 110, rukunin nan na ta 1 da ta 4 ya riga ya ba da amsa. Gaggauta motar C zuwa ta 3 ko ta B zuwa ta 2 ɓata mai ne kawai. Giɓin 15 ne matsalar, don haka da daddare aka kwashe kwali 15 daga B aka kai A. A ta zama 45, ta ciyar da ta 1 da ta 4 ita kaɗai, B mai 35 ta kai 30 ta 2 da 5 ta 3, C tana nan yadda take. Lokacin ƙarshe ya faɗo zuwa 75, hanyoyin ma suka koma biyar. Sai dai 15 ɗin dole su cika: da 14 aka kwashe, kwali ɗaya zai rage a B, mota za ta ɗauke shi shi kaɗai ta bi hanyar minti 110, sauran kwali 119 su zauna jiransa.