Fashin aiki daban, gudun aiki daban

Ƙannena da kuka fara aiki, dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke adadin kwanakin da in ma'aikaci ya yi bai zo ba za a ce ya gudu ya bar aiki ba. Wannan adadi yana cikin takardar ɗaukarku aiki ko littafin ƙa'idojin ma'aikatarku. A kamfanin da ya kore ni, ƙa'idar ita ce kwana uku a jere ba labari. Ban san da ita ba sai da na gan ta a takardar kora.

Fashi shi ne a neme ka a rasa ba tare da izini ba. Gudun aiki ya fi haka nauyi, domin ana nufin halinka ya nuna ba ka da niyyar dawowa. Tunda ba mai shiga zuciyarka, fayil ɗinka ake buɗewa a ga abin da ke ciki.

Nawa babu komai. Mahaifina ne ya kwanta a ƙauye, na kira ogana, ya ce, "Je ka, Allah ya ba shi lafiya." Na ɗauka izini ke nan. Jinya ta yi tsawo, aka sauya wa ogan wurin aiki, wanda ya gaje shi bai ga komai ba sai layin sunana fayau a rajistar sa hannu. Suka aika takardar tuhuma gidan da na daɗe da tashi, don ban taɓa sanar da ofis na sauya gida ba. Da ban amsa ba, shirun ya zama hujjarsu. Ko saƙon waya ɗaya mai kwanan wata, da ke faɗin dalili da ranar dawowa, da ya nuna ban gudu ba.

In ku ne ba lafiya, sashe na 16 na dokar ya ba ku har kwana 12 na aiki a shekara da albashi, amma da shaidar likita mai rajista. Jinyar iyaye ba ta ciki, wannan sai dai ku nemi hutu a rubuce.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya kuwa, ƙa'idojin aiki sun sa fashi cikin manyan laifuffukan da ke kai ga kora, kuma kai za ka kawo uzurin da zai sa a sassauta. Akwai wa'adin da ake bayarwa a amsa tuhuma. Ku amsa a rubuce ko da a fusace kuke, ku haɗa takardun asibiti, ku sa a buga hatimin karɓa a kwafinku. In aka kore ku ba a ji ta bakinku ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron ƙarar, kuma wannan kwafin lauya zai fara tambayarku.